Riba kan riba

Riba kan riba ita ce haɓakar da dukiya ke yi idan ba a cire ribar da ta samu ba, aka mayar da ita cikin uwar kuɗi har ita ma ta fara haifar da tata ribar. Makiyaya sun san abin tun kafin a ba shi suna: akuyar da aka bar wa 'ya'yanta, su ma suka girma suka haihu, garkenta ba ya ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya, ninkawa yake yi.

Tarihi

Lissafin tsoho ne. Akwai wani allon yumɓu na Babila, wanda ake kyautata zaton an rubuta shi wajen shekaru 1,700 zuwa 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ke tambayar tsawon lokacin da kuɗi za su ɗauka su ninka idan suna ƙaruwa da kashi 20 cikin 100 duk shekara. A 1494 masanin lissafi ɗan Italiya Luca Pacioli ya ambaci dabarar raba 72 da ribar shekara don sanin lokacin da kuɗi za su ninka, ba tare da ya kawo hujjarta ba, abin da ya sa ake ganin 'yan kasuwa sun riga shi saninta. A wajen 1683 kuma Jacob Bernoulli, yana binciken abin da zai faru idan ana haɗa riba da uwar kuɗi a kai a kai, ya ci karo da adadin da yanzu ake kira e, kimanin 2.718.

Gwajin da ya fi shahara na Benjamin Franklin ne. Da ya rasu a 1790 ya bar wa biranen Boston da Philadelphia fam 1,000 kowanne, da wasiyyar a riƙa juya kuɗin har shekara 200. An ɗebi kaso mai yawa bayan shekara 100, amma duk da haka ragowar ta kai miliyoyin daloli a 1990.

Lissafi

Ana rubuta shi haka: A = P(1 + r)^n, inda A take jimillar da kuɗin za su koma, P uwar kuɗi, r ribar shekara, wato 0.10 idan kashi 10 cikin 100 ce, n kuma yawan shekaru. A ɗauka an zuba naira 100,000 a jarin da ke kawo kashi 10 cikin 100. Shekarar farko ta koma 110,000. Ta biyu 121,000 ce, domin 10,000 ɗin bara ma ta haifi 1,000. A nan bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma a shekara ta 10 kuɗin sun ɗan haura 259,000, a ta 20 kimanin 673,000, a ta 40 sun haura miliyan 4.5. Da ana cire ribar ana ɓoyewa a gida, jimillar shekara 40 ɗin 500,000 ce kacal. Don sanin lokacin ninkawa sai a raba 72 da ribar: a kashi 10, shekara bakwai da 'yan watanni.

Sammako da yawan kuɗi

Mutum biyu, riba kashi 10. Na farko ya fara yana ɗan shekara 25, yana zuba 100,000 a farkon kowace shekara, bayan shekara goma ya daina, amma bai taɓa kuɗin ba. Jimillar abin da ya fita daga aljihunsa miliyan 1. Na biyu sai da ya kai 35 ya fara, ya yi ta zuba 100,000 har shekara 25, wato miliyan 2.5. Ranar da suka cika 60, na farko yana da kusan miliyan 19, na biyu bai cika miliyan 11 ba. Dalili shi ne ranar da na biyu ya ajiye kuɗinsa na farko, na farko ya riga ya tara fiye da miliyan 1.7, ribarsu kaɗai a shekarar ta kai 175,000, ta wuce zubin abokin nasa.

Sai dai wannan rata ta dogara da girman ribar, abin da masu tallan jari ba su cika faɗa ba. A kashi 5 cikin 100, na biyu zai ɗara da kaɗan, wajen miliyan 5 a kan miliyan 4.5, ko da yake ya zuba ninki biyu da rabi.

Iyakoki

Babu jarin da ke kawo riba iri ɗaya kowace shekara, kuma hauhawar farashi ma ninkawa take yi. A Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Mai samun kashi 10 a irin wannan shekara lambobinsa sun ƙaru, abin da za su saya ya ragu. Bashi mai ruwa shi ma haka yake taruwa a kan mai shi.

Hukunci a Musulunci

Kuɗin ruwa a kan bashi haramun ne a wajen jumhurin malamai, amma mayar da ribar ciniki cikin jari ba ya cikin wannan. Gwamnatin Najeriya ta fara sayar da sukuk, wato takardun zuba jari da aka tsara don kauce wa kuɗin ruwa, a 2017.