Shin wannan ɗalibin ne ya rubuta aikin da hannunsa?

Malam, ina koyar da Hausa a nan Zariya. Wani ɗalibina ya kawo jinga mai kyawun da ya wuce saninsa. Ina da takardun gwajinsa na baya. Me zan duba?

Malama, fara da zaɓen abin da za ki gwada da shi. Ɗauko abin da ya rubuta a gabanki cikin aji, ba wanda ya kawo daga gida ba, domin wancan ma ba ki san hannun wa ya bi ta kansa ba. Kuma ya zama iri ɗaya: insha'i da insha'i. Wasiƙa da sharhin waƙa ba sa haɗuwa ko da mutum ɗaya ya rubuta su.

Daga nan ki ƙyale manyan kalmomi, jigo ne ke jawo su. Ki bi ƙanana, irin su sai, kuma, dai, amma, waɗanda mutum ke zubawa bai sani ba. Da ƙirga irin waɗannan ne masana ƙididdiga Mosteller da Wallace suka nuna a 1964 cewa James Madison, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, shi ya rubuta 12 daga cikin maƙalun Federalist na goyon bayan tsarin mulkin Amurka, waɗanda aka daɗe ana gardama a kan wanda ya rubuta su.

Na taɓa yin haka da takardun wata ɗaliba. A gwajinta, cikin kalmomi kamar 600, "sai" ya fito sau 31, jimla ɗaya kan ci layi biyar. Tana rubuta "mota ne", "makaranta ne", Zazzaganci tsantsa, tana kuma raba "ta na". A jingar mai irin wannan tsawon, "sai" sau 4 kawai, ko'ina "mota ce", ga "bugu da ƙari" a bakin kusan kowane sakin layi, abin da ban taɓa gani a alƙalaminta ba.

To wannan bai isa hujja ba?

Bai isa ba. Mai buga takarda a shagunan Samaru yakan haɗe "ta na", ya sa wa ƙ da ɗ lanƙwasa, wani ma ya mayar da "ne" zuwa "ce" ba a sa shi ba. Saboda haka ƙa'idar rubutu shaida ce mai rauni a aikin da aka buga. Ginin jimla ya fi ta nauyi, don mai bugu ba ya zama ya sake shi. Sannan rubutun ɗakin jarrabawa na gaggawa ne, na gida kuwa an yi masa bita. Idan samfurin bai wuce rabin shafi ba, kada ma ki wahalar da kanki da ƙirga.

Yaya zan yanke hukunci ke nan?

Kira shi, ba da zargi ba. Nuna masa sakin layi ɗaya, ya rufe takardar ya faɗi abin da yake nufi, ya kuma kawo daftarin farko. Ita waccan ɗalibar da na tambaye ta ma'anar "tubali" a sharhin da ta miƙa, na gini ta fara yi mini bayani.