Suna guda, launi guda: daga allon butik har hoton WhatsApp

"Ina saida turaren wuta da humra a Ali Ɗan Sofo, allona kore ne, hotunan da ɗiyata ke sa min a WhatsApp kuma kowane da irin launinshi, mutane na tambaya wai ko butik biyu ne. Ta ina zan fara?"

Hajiya ki fara da suna tun kafin launi, don nan Maraɗi rubutu biyu gare mu. Mai fenti da ya yi lakwal zai rubuta miki Touraré, ɗiyarki ta rubuta Turare, mai buga takardar kwalba ya kawo nashi na uku. Wadda ta sayi kaya ta koma Jibiya ko Katsina in ta nemi sunan a Facebook yadda ta gan shi jikin allo ba lalle ta same ki ba. Ki zaɓi rubutu guda, in masu sayenki na ƙetare sun fi yawa to Turare ya fi, ki rubuta shi a takarda da lambar wayarki, duk mai yi miki aiki daga nan zai kwafa harafi harafi.

"Tambari fa, dole sai na sa hoto?"

A'a. Kasko ɗaya da hayaƙi ya isa, ko harafin farko na sunan kawai. WhatsApp yana yanke hoton fuska ya maida shi zagaye, duk abin da ke kusurwa ya tafi, kuma ƙarami yake fitowa. Ki gwada, ki sa shi ki riƙe wayar nesa da ido, in ba ki gane kaskon ba kaya sun yi yawa, a rage furanni da taurarin nan. Wanda ya zana miki ya ba ki PNG marar bango da kuma PDF na bugawa, ya turo su ta Document, don in ya turo kamar hoto WhatsApp na rage mishi kyau.

"Launi nawa?"

Biyu, mai duhu da mai haske, misali kore da fari. Amma "kore" kawai ba bayani ba ne wallahi, akwai na ganye akwai na tsanwa. Ki karɓi lambar launin, kamar #0B6E4F, ɗiyarki ta riƙa sa ta kowane hoto. Mai fenti shi ba ruwanshi da lamba, kuma launin waya ya fi na bugu haske, saboda haka a buga miki takarda guda, ki kai mishi ya haɗa fenti ya shafa a guntun kwano, ki bari ya bushe tukuna ki gwama su a rana. Ni ban cika son ja a allon waje ba, ranar garin nan saurin koɗar da shi take.

"Allon da ke akwai in jefar?"

In korenshi bai koɗe ba bar shi, shi za ki maida ma'auni, a ɗauko launin hotuna daga gare shi, sunan kawai za a gyara.