Sakin ƙwai ba haihuwa ba ne: ga likitocin da ke karatun ƙwarewa a fannin mata

Abu ɗaya ne yake ta maimaituwa a zaman bitar mujallu da ƙananan likitocinmu suke yi a nan Kaduna. A ba mutum takardar gwajin maganin sa sakin ƙwai, ya karanta taƙaitaccen bayanin farko, ya ga an rubuta cewa ƙwai ya fita a kashi kaza, ya ga P ƙasa da 0.05, sai ya miƙe ya ce magani yana aiki. Haba ƙannena! Matar da ta shekara huɗu tana zarya daga Rigasa ko Tudun Wada zuwa asibiti, ɗa take nema ta goya. Duk takardar da ta zo hannunku, ku fara tambaya: mata nawa aka raba, nawa ne suka haifi ɗa mai rai?

Ga dalilin da ya sa nake nacewa. A gwajin da Legro da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, an raba mata 626 masu PCOS gida uku: kulomifin, metifomin, da haɗin biyun. Haɗin ya sa ƙwai ya fita a kusan kashi 60 na watannin magani, kulomifin shi kaɗai a kashi 49. Wanda ya tsaya nan zai ce a haɗa wa kowa. Da aka zo haihuwa kuwa, kashi 26.8 ne da 22.5, tazarar da lissafi bai iya raba ta da dace ba. Tsakanin ƙwai da goyo akwai kaurin bangon mahaifa, da majinar bakin mahaifa, da ɓari, kuma kulomifin kansa yana iya sirantar da bangon yana busar da majinar.

Yanzu ku ɗauko gwajin 2014, wanda za ku samu da sunan PPCOS II, mu bi shi tare. Mata 750 ne masu PCOS, 374 a letirozol, 376 a kulomifin. Ana farawa da miligiram 2.5 na letirozol ko 50 na kulomifin, kwana biyar daga rana ta uku ta al'ada, ana ƙarawa har 7.5 ko 150 idan ƙwai bai fita ba, iyakar zagaye biyar. Mace ba ta san abin da take sha ba, likitanta ma bai sani ba. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin likitan da ya san maganin zai iya saurin ƙara wa wadda yake so ta yi nasara. Ku kuma duba wa ke riƙe da jerin ƙuri'ar rabon. A ƙananan gwaje-gwaje za ku ga an ce masu zuwa Litinin su sha wannan, masu zuwa Laraba wancan, ko a bi lambar kati. Wannan ba ƙuri'a ba ce. Mai ɗaukar mata ya san abin da ke tafe, kuma ko bai yi niyya ba zai tura siririya mai shekara 23 inda zuciyarsa take.

Sakamakon: 103 cikin 374 sun haihu a letirozol, kashi 27.5 ke nan. 72 cikin 376 a kulomifin, kashi 19.1. Ku lura da lambar ƙasa. Ita ce adadin da aka raba tun farko, har da waɗanda suka daina zuwa, kuma kusan ɗaya cikin biyar ba su kai ƙarshe ba. Haka ya kamata. Idan marubuci ya zubar da waɗanda suka gudu ya ƙirga masu haƙuri kawai, ya rushe ƙuri'ar da hannunsa, domin masu guduwa sau da yawa su ne maganin ya wahalar ko bai yi musu komai ba.

A takardar za ku ga 1.44, wato 27.5 a raba da 19.1, da tazarar tabbaci daga 1.10 zuwa 1.87. To, kada in ƙara jin wani ya ce wa mara lafiya letirozol zai ƙara mata damar haihuwa da kashi 44 ya yi shiru. Ku ɗauki biro: 27.5 a cire 19.1, saura 8.4. A raba 100 da 8.4, a samu kusan 12. Wato sai mata 12 sun sha letirozol a maimakon kulomifin kafin a samu ƙarin haihuwa ɗaya. Riba ce ta gaske, amma ko a rukunin da ya yi nasara, kusan uku cikin huɗu sun gama gwajin ba su haihu ba. Wannan za ku gaya wa mace da mijinta, da kalmomi masu taushi.

Mu koma kan ƙwan, tunda nan kuke zamewa. Gwajin ya ce ƙwai ya fita a kashi 61.7 da 48.3. Kashi na me? Na watanni: 834 cikin 1352, da 688 cikin 1425. Ba watanni aka jefa wa ƙuri'a ba, mata aka jefa wa. Wadda ta ɗauki ciki a watan farko ta fita daga lissafi da zagaye ɗaya, wadda magani bai karɓe ta ba ta zuba biyar, kuma watannin mace ɗaya suna kama da juna. Shi ya sa lissafin wata-wata yake kumbura adadi, ya sa tazarar tabbaci ta matse fiye da gaskiyarta idan ba a gyara ba. Waɗannan marubuta sun ajiye shi a matsayi na biyu. Takardar da ta ɗora shi a kan gaba, ko ta kira gwajin fitsari mai layi biyu nasara, ku tambaye ta ina jariran. A wannan gwajin ma kusan kashi 30 na cikin da aka ɗauka a kowane rukuni ya zube.

Akwai kuma inda kuke wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Tagwaye kashi 3.4 ne a letirozol, 7.4 a kulomifin; manyan nakasar halitta huɗu da ɗaya. Duka biyun lissafi bai nuna bambanci ba. Wannan ba shaida ba ce cewa magungunan daidai suke. Gwajin bai da yawan jariran da zai amsa tambayar. Na san kuna fama da kwanan asibiti da jarrabawa a gaba, amma karanta teburin illoli ba ya cin minti goma.

Saura tambayar ko matan gwajin su ne matanmu. A Amurka aka yi shi, matsakaicin BMI ɗinsu wajen 35. Sai an tabbatar mace tana da aƙalla bututun mahaifa ɗaya a buɗe, cikin mahaifa lafiya, mijin kuma yana da maniyyi aƙalla miliyan 14 a mililita, kuma sun yarda za su riƙa kusantar juna a kai a kai. A nan fa? Toshewar bututu tana da yawa, maigida sau da yawa yana ƙin gwaji, wata rabon kwana take yi da kishiya, wata mijin yana Abuja sai ƙarshen mako, wata kuma ta riga ta sha kulomifin na kemis wata da watanni. Kashi 27.5 ba nasu ba ne sai an cika waɗancan sharuɗɗan.

Kafin ku tsaya gaban malamai, a gurguje:

- Ku nemo lambar rajistar gwajin, ku ga ko babban sakamakon da aka yi alkawari tun farko shi ne aka kawo.
- Ku gwama adadin da aka raba da wanda aka ƙirga.
- Teburin farko: shekaru, ƙiba, tsawon rashin haihuwa, maganin da aka sha a baya.
- Wa ya biya kuɗin aikin.
- Idan an ce ribar ta fi yawa a masu ƙiba ko wani ƙaramin rukuni, ku duba ko an tsara wannan rabon tun kafin a ga sakamako, kuma ko an gwada bambancin tsakanin rukunonin kansu, ba P na kowanne shi kaɗai ba.