Tsara sashen sakamako bisa jerin hotuna a rubutun kimiyya

Tsara sashen sakamako bisa jerin hotuna aiki ne na gyaran rubutu, inda mai bincike yake ɗaukar abin da ya rubuta kamar yadda yake a littafin ɗakin gwaje-gwaje, wato gwaji bayan gwaji bisa kwanan wata, ya sāke jera shi ta yadda kowane hoto zai amsa tambaya guda kuma ya haifar da tambayar hoto na gaba. A nan kalmar hoto ta ƙunshi zanen alƙaluma da hoton da aka ɗauka da madubin ƙara girma da duk wani zane da aka ba lamba a maƙala. Littafin gwaji yana bin tsarin lokaci ne domin ya zama shaidar abin da aka yi da ranar da aka yi shi. Sashen sakamako kuwa yana bin tsarin hujja, saboda mai karatu bai kasance a ɗakin ba, kuma ba ruwansa da ranar da na'ura ta lalace.

Tarihi

Rahotannin kimiyya na farko sun fi kusa da littafin gwaji fiye da na yanzu. A shekarar 1665 aka fara buga mujallar Philosophical Transactions a Landan ƙarƙashin kulawar Henry Oldenburg, kuma da yawa daga abin da take bugawa wasiƙu ne, mai rubutu yana ba da labarin abin da ya yi da abin da ya gani daki-daki. Masanin kimiyya Robert Boyle ya yi fice a wannan salo. Yakan bayyana kayan aiki da yanayin gwajin, har da gwaje-gwajen da ba su yi nasara ba, domin mai karatu ya zama kamar shaidar gani da ido. A wancan zamani tsawon bayani shi ne abin da ke sa a yarda da mutum.

Raba hanyar aiki daga sakamako ya zo ne sannu a hankali, wataƙila daga rabin ƙarni na 19 na biyu, kuma masu tarihi da dama suna danganta shi da zamanin Louis Pasteur, lokacin da ake buƙatar a bayyana hanya dalla-dalla don wasu su maimaita gwajin. Tsarin da ake kira IMRaD, wato gabatarwa da hanya da sakamako da tattaunawa, ya soma bayyana a manyan mujallun likitanci wajen shekarun 1940, ya rinjayi sauran a shekarun 1970, sannan a shekarun 1980 ya zama kusan shi kaɗai ake bi. A 1965 masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya taƙaita shi da tambayoyi huɗu: me ya sa ka fara, me ka yi, me ka samu, kuma me yake nufi. Da aka ware wa "me ka yi" sashensa, sai sashen sakamako ya huta da ɗaukar tarihin aikin.

Ba kowa ya yi murna da hakan ba. A 1963 Peter Medawar, wanda ya sami lambar Nobel a 1960, ya yi jawabi a rediyon BBC yana tambayar ko maƙalar kimiyya yaudara ce. Ba ƙaryar alƙaluma yake nufi ba. Ƙorafinsa shi ne siffar maƙala tana ɓoye yadda tunani ya gudana, tana nuna kamar mai bincike ya tara bayanai ba tare da wani zato a ransa ba. Daga ɗaya ɓangaren, ƙa'idojin da editocin mujallun likitanci suka fara tsarawa a taronsu na Vancouver a 1978 sun nemi a jera sakamako bisa tsari mai ma'ana, kuma kada a maimaita a rubutu duk abin da ke cikin jadawali da hotuna. A 2004 masanin kimiyyar sinadarai George Whitesides na jami'ar Harvard ya buga shawarar da yake ba ɗalibansa, cewa a fara da tsara hotuna da jadawali kafin a rubuta jimloli, kuma a jera su bisa muhimmanci maimakon ranakun da aka yi gwajin.

Alamomin salon littafin gwaji

Ana gane shi daga farkon sakin layi. Idan kowanne yana buɗewa da "sai muka yi" ko "bayan haka muka gwada", lokaci ne ke jan rubutun. Wata alamar ita ce jimlar da ke cewa "Hoto na 2 ya nuna sakamakon gwajin" ta tsaya nan, ta bar mai karatu ya nemo wa kansa abin da aka gani. Haka kuma idan an ambaci Hoto na 4 kafin na 2, ko an koma wa hoto ɗaya a wurare uku masu nisa da juna. Mujallu da yawa suna sharɗanta a ba hotuna lamba bisa yadda aka fara ambatarsu, don haka tsallaken lamba yakan nuna cewa an jera hotuna da wani tunani, an rubuta bayani da wani.

Yadda ake yi

Ana fara aikin da hotunan kaɗai. Mai rubutu yakan shimfiɗa su, ya rubuta wa kowanne jimla guda mai aikatau wadda ke faɗin abin da aka gano. "Tsawon saiwa" suna ne kawai, amma "gishiri ya rage tsawon saiwa da rabi" magana ce da za a iya gaskatawa ko ƙaryatawa. Hoton da ya ƙi karɓar jimla ɗaya, ko dai hotuna biyu ne aka cusa wuri ɗaya, ko kuma ba shi da abin cewa, wurinsa yana cikin ƙarin bayanan da ake liƙa wa maƙala. Sannan a karanta jimlolin a jere, a yi ta sauya musu wuri har kowacce ta dogara da wadda ta gabace ta. Waɗannan jimloli su ne kan zama ƙananan kanun sashen.

Kowane sakin layi yana da matakai huɗu da aka saba bi: tambayar da ta rage daga hoton baya, gwajin da aka yi a jimla ɗaya ko biyu, abin da aka gani tare da alƙalumansa da lambar hoton, sai ɗan abin da hakan ya tabbatar. Cikakken bayanin sinadarai da na'urori yana sashen hanya. Alƙaluman da ake kawowa su ne girman bambanci da yawan samfura da gwargwadon rashin tabbas, ba kowane ɗigo da ke cikin zanen ba.

Misali

Misalin nan na kwatance ne, haka ma alƙalumansa. A ɗauka ɗaliba tana nazarin yadda gishiri ke shafar saiwar tsiron Arabidopsis, da rawar da wata ƙwayar gado ke takawa. A littafinta, a watan farko ta auna aikin ƙwayar gadon, saboda kayan aunawar ne suka fara isowa. A wata na uku ta auna saiwa cikin gishiri. A na huɗu ta yi gwaji da zafi, bai nuna komai ba. A na biyar ta mayar da ƙwayar gadon cikin tsiron da aka cire masa ita, kuma sai a na shida ta kammala auna shi wannan tsiro maras ƙwayar, domin irin farko ya ƙi tsira. Rubutunta na farko ya bi wannan jerin, sai mai karatu ya tarar da gyara kafin a nuna masa abin da ya lalace.

Bayan an sāke jeri, Hoto na 1 shi ne na wata na uku: a 100 mM NaCl, wato ma'aunin ƙarfin gishirin da ta zuba, matsakaicin tsawon saiwa ya sauka daga milimita 40 zuwa 22 bayan kwana 7, a tsirrai 30 kowane rukuni. Wannan ya kafa matsalar. Hoto na 2 shi ne na watan farko: aikin ƙwayar gadon ya ninka sau 5 cikin awa 6 da zuba gishiri. Amma tashi tare ba ya nufin ita ke kare saiwar, kuma wannan giɓi ne ke buɗe sakin layi na uku, wanda zai iya zama haka: "Domin sanin ko tsiro yana buƙatar wannan ƙwayar gado wajen jure gishiri, mun auna saiwar tsiron da aka cire masa ita. Idan babu gishiri, tsawonta bai bambanta da na tsiro na asali ba, amma a 100 mM NaCl ta tsaya a milimita 9, ta asali kuwa 22, kamar yadda ke Hoto na 3. Ke nan rashinta yana tsananta illar gishiri." Sauran shakku shi ne ko wani lahani na daban ne a tsiron ya jawo haka. Hoto na 4, na wata na biyar, shi ke amsawa, tunda mayar da ƙwayar ya dawo da saiwa zuwa milimita 21.

Gwajin zafi bai shiga wannan zare ba, amma ba a jefar da shi. Yana nuna cewa abin ya keɓanta da gishiri, don haka ya isa a ba shi jimla ɗaya bayan Hoto na 3, zanensa kuma ya tafi ƙarin bayanai. Akwai kuma kalmar da dole a kiyaye. Ɗalibar ba za ta rubuta "daga nan sai muka auna" a farkon sakin layi na biyu ba, domin awon ya riga na Hoto na 1 da wata biyu. "Domin sanin ko" yana bayyana dalilin gwajin ba tare da ƙirƙirar tarihi ba.

Iyaka da saɓani

An yarda a sauya jerin gabatarwa, amma ba a yarda a sauya abin da aka yi hasashe tun farko ba. A 1998 masanin halayyar ɗan'adam Norbert Kerr ya raɗa wa wannan ɗabi'a suna HARKing, wato a ga sakamako sannan a gabatar da hasashen da ya dace da shi kamar dama da shi aka fara. A gwajin magani kan mutane ba a ma bar wa mai rubutu zaɓi sosai ba, domin babban abin da aka yi rajistar za a auna shi ake sa ran ya zo a gaba, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Kan batun barin wasu bayanai a littafi, ana yawan kawo maƙalar masanin kimiyya Robert Millikan ta 1913 kan cajin lantarki na ɗigon mai, inda ya buga ɗigo 58 alhali littattafansa na ɗauke da fiye da haka. Masana tarihi sun saɓa kan ko zaɓe ne na son rai ko watsi da awon da ya lalace. An sāke irin wannan muhawara a mujallar Nature Methods a 2013, tsakanin masu goyon bayan salon ba da labari da masu ganin yana sa a danne sakamakon da bai bi zaren ba.

Bambancin fannoni

Mujallun nazarin ƙwayoyin halitta sukan yarda da kanun da ke faɗin sakamako da jimlar kammalawa a kowane sakin layi. Na likitanci sun fi son kanu maras hukunci, su bar fassara ga sashen tattaunawa. A kimiyyar sinadarai da injiniyanci sau da yawa ana haɗa sakamako da tattaunawa a sashe ɗaya.