Koyon aikin jinya a asibiti

Koyon aikin jinya a asibiti, wanda ɗalibai ke kira fostin, shi ne lokacin da ɗalibin makarantar nas ke barin aji ya shiga ɗakin majinyata yana aiki a ƙarƙashin idon ƙwararriyar nas. Hukumar kula da nas-nas da ungozomomi ta Najeriya ce ke shimfiɗa ƙa'idojinsa, kuma yana cin kaso babba na karatun nas na farko. A Jihar Kebbi ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Sa Yahaya da ke Birnin Kebbi, inda ɗalibi kan zagaya daga ɗakin maza zuwa na mata, da na yara, da ɗakin haihuwa, har da dutin dare.

Kowane ɗalibi na yawo da littafin ayyuka. A ciki yake rubuta ranar da aka yi aiki, da ɗakin, da irin aikin, da matsayinsa a wajen: kallo ya yi, taimakawa ya yi, ko shi ya yi ana tsaye a kansa. Nas ɗin da ta gani da idonta ita ke sa hannu. Ba a rubuta sunan majinyaci, domin littafin na kwana a jaka da ɗakin kwanan ɗalibai, kowa na iya buɗe shi. Inda littafin ke lalacewa shi ne a ƙarshen zango, lokacin da wasu ke tara shafuka su kai a sa musu hannu rana ɗaya. Gane wannan ba wuya: biro ɗaya, rubutu iri ɗaya, har da aikin da aka rubuta a ranar da ɗalibin ba ya duti.

Sa wa mace robar fitsari aiki ne da ke haɗa littafi da sirri da mai koyarwa wuri guda. Ɗaliba za ta fara da sallama, ta ce: "Inna, ni ɗaliba ce, Sista na tare da ni. Za mu sa miki roba don fitsari ya fita, kin yarda?" In ta ce ba ta son ɗaliba, magana ta ƙare, Sista ce za ta yi. In ta yarda, a fitar da masu jinya, a ja labule, a lulluɓe ta da zane, a buɗe wajen aiki kaɗai. Ana wanke hannu, a sa safar hannu da aka fitar daga leda a rufe, a goge gaban daga sama zuwa ƙasa, kowace auduga sau ɗaya. Babbar mace galibi roba mai lamba 12 ko 14 ake sa mata. Sai fitsari ya fito, an ɗan ƙara tura robar, sannan a cika ƙwallon da ke bakinta, wanda ke riƙe ta a cikin mafitsara, da tsabtataccen ruwan allura, yawanci mililita 10. Wadda ta cika ƙwallon kafin ta ga fitsari tana iya ji wa mafitar fitsarin rauni.

Kuskuren sababbin ɗalibai shi ne robar ta zarce cikin farji. Alamarsa ita ce shiru, ba fitsari. A nan mai koyarwa ta gari ba ta yin tsawa a gaban majinyaciya. Takan ce a bar robar a inda take ta zama alama, a buɗe sabuwa, don wadda ta gurɓata ba ta shiga mafitsara. Gyaran baki sai an koma tebur. A littafi kuwa abin da ya faru za a rubuta: in Sista ce ta ƙarasa, taimakawa ɗaliba ta yi.

Sirrin majinyaci doka ce. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana bayyana ciwon mutum ko maganinsa sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar iyaye ko waliyyi in yaro ne ko wanda ba ya iya ba da yardarsa, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Wahalarsa a garin da kowa ya san kowa take. Ɗaliba na fitowa daga labule uwar mijin majinyaciyar za ta tare ta: "'Yar nan, me likita ya ce?" Ƙin amsa wa babba na da nauyi, amma amsar ita ce, "Inna, ki yi haƙuri, Sista za ki gani." Haka ɗaukar hoton ciwo ko na fayil a waya a tura wa 'yan aji: ko an rufe fuska, lalle da zobe da zanen da ke jikinta sun isa wani ya gane ta.