Ina Cin Bakwai Cikin Goma, Me Ya Sa Asusuna Ke Raguwa?

Tambaya: Malam, ni ɗan Wadata ne a Yamai, ina cinikin foreks, wato saye da sayar da kuɗin ƙasashe, a waya. Na shiga sau 100, na ci 70, na faɗi 30. Amma jika 300 da na zuba yanzu ta koma jika 280. Kamfanin ne ke cutata?

Ƙanena, kafin ka zargi kowa, buɗe tarihin cinikinka ka fitar da lambobi biyu. Tara duk ribar da ka samu ka raba da 70, sannan ka tara duk asarar ka raba da 30. Zan iya yi maka kintace tun daga nan: cin naka ƙanana ne, faɗuwar kuma manya.

A ce duk ci ɗaya yana kawo maka jika 1, wato sefa 1000, duk faɗuwa ɗaya kuma tana kwashe jika 3. Ci 70 sun ba ka jika 70, faɗuwa 30 sun ɗauke jika 90. Ga jika 20 ɗinka da ta ɓace, ba tare da kowa ya taɓa maka ko dala ba. In ka raba ta da shiga 100, za ka ga duk danna maɓalli ɗaya da ka yi, ci ko faɗuwa, ya ci maka sefa 200, wato dala arba'in. Wannan lambar ita ce matsakaicin abin da dabararka ke bayarwa a kowace shiga, kuma ita ya kamata ka riƙa dubawa kafin yawan ci. Ga yadda ake fitar da ita:

```
(kason ci × matsakaicin riba) − (kason faɗuwa × matsakaicin asara)
(0.70 × 1000) − (0.30 × 3000) = −200
```

In manhajar MetaTrader kake amfani da ita, cikakken rahoton asusu yana nuna wannan lamba da sunan `Expected Payoff`.

Yadda mutum ke faɗawa wannan hali sananne ne. Lamba ta yi shuɗi a allo, riba ta kai jika ɗaya, gaba ya faɗi kada ta juya, sai a rufe da sauri. Idan kuwa ta yi ja, farashi ya kusa taɓa layin `Stop Loss`, wato inda aka ce a rufe cinikin don tsayar da asara, sai a sa yatsa a ja layin ƙasa kaɗan, a ce bari a ba shi dama, zai dawo. Sau da yawa yakan dawo ɗin, shi ya sa yawan cin ke da kyan gani. Ranar da ya ƙi dawowa, faɗuwa ɗaya ta haɗiye cin kwana uku.

Tambaya: To kashi nawa ya kamata in riƙa ci don in tsira?

Ya danganta da abin da kake sakawa cikin haɗari da abin da kake nema. Ana auna wannan tun kafin a shiga. Ka sayi EUR/USD, wato yuro da dalar Amurka, a 1.0800, ka ajiye `Stop Loss` a 1.0780, `Take Profit` kuma, layin da za a rufe a ɗauki riba, a 1.0840. Tazarar ƙasa 20 ce, ta sama 40. Ke nan kana jefa ɗaya don neman biyu, abin da ake rubutawa 1:2.

Daga nan sai ka nemi iyakar da ba riba ba asara. Raba asara da jimlar asara da riba. Mai jefa ɗaya don neman biyu, ɗaya bisa uku ke nan, dole ya ci sama da kashi 33 cikin ɗari. Mai 1:1 sai ya haura kashi 50. Kai da kake jefa uku don neman ɗaya, uku bisa huɗu ne, wato kashi 75. Kashi 70 ɗin da kake alfahari da shi a fada bai kai iyakarka ba, saura biyar.

Yanzu ɗauki wani wanda shi ma jika 3 yake yarda ya rasa, amma ba ya rufewa sai riba ta kai jika 6. A shiga 100 ya ci 40 kacal, ya faɗi 60. Ribarsa jika 240, asararsa jika 180, ya tashi da jika 60, wato sefa 600 a kowace shiga. Wannan mutumin faɗuwarsa ta ninka taka sau biyu, a yawancin ranaku shi ne zai koma gida rai a ɓace, amma asusunsa ne ke hawa.

Tambaya: Ashe magani ya samu! In daina komai sai 1:5 ko 1:10, ko da sau biyu na ci cikin goma ai na yi riba.

A nan ne masu koyarwa a gurufofin WhatsApp da Telegram suka fi ɓatar da mutane, kuma abin yana damuna, don rabin gaskiya suke faɗa. Lissafin da ka yi daidai ne a takarda: 1:5 yana buƙatar kusan kashi 17 kawai. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, duk lokacin da ka ƙara nisan `Take Profit`, yawan cin ka yana sauka tare da shi. Farashi ba ya tafiya a miƙe, yawo yake yi sama da ƙasa, kuma layin da ya fi kusa shi ya fi saurin taɓawa.

Har ma ana iya auna abin. A ce kasuwa ba ta karkata ko'ina ba, kai kuma ka rufe ido ka shiga ba tare da wani nazari ba. Da tazarar 20 a ƙasa da 40 a sama, farashi zai riga taɓa na sama kusan sau ɗaya cikin uku. Da 20 da 100 kuma, sau ɗaya cikin shida. Duba da kyau: ɗaya cikin uku ita ce kashi 33 ɗin ɗazu, ɗaya cikin shida kuma kashi 17. Wato mai shiga ido rufe yana sauka daidai kan iyakar ba riba ba asara, ko wane ma'auni ya zaɓa. Canza ma'aunin shi kaɗai ba ya haifar da ko dala.

Saboda haka mutumin can mai kashi 40, ribarsa gaba ɗaya tana zaune ne a cikin ɗan bambancin da ke tsakanin 33 da 40. Shiga bakwai ne cikin ɗari. Su ne amfanin nazarinsa, in har nazarin ne ya kawo su. Tambayar da za ka yi wa duk mai sayar maka da dabara ita ce: a wannan ma'aunin, kashi nawa take ci, cikin shiga nawa, ina tarihin? Hoton allo na ci biyar ba amsa ba ne.

Tambaya: Kuɗin da kamfani ke cira fa, yana shiga wannan lissafi?

Dole. Tazarar farashin saye da sayarwa, wadda allo ke kira `Spread`, da kamasho, da `Swap`, wato kuɗin da ake lissafawa in cinikin ya kwana, galibi daga aljihunka suke fita ko ka ci ko ka faɗi. In sun kai sefa 300 a kowace shiga, mai 600 ɗin nan ya koma 300, iyakarsa kuma ta tashi daga kashi 33 zuwa kusan 37. Rabin ribarsa ta tafi. Mai shiga ido rufe kuwa, da ma yana kan sifili, yanzu ya koma ƙasa da shi. Lokacin da hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai, ESMA, ta ƙuntata irin wannan ciniki a 2018, ta ce kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan masu ciniki asara suke yi.

Kuma `Stop Loss` umarni ne na a fitar da kai a farashin da aka samu, wanda ba lallai ya zama na kan layin ba. Ranar 15 ga Janairu 2015, babban bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya ɗaure kuɗinsa da yuro, farashi ya tsallake layukan mutane cikin ƴan mintuna, wasu suka wayi gari kamfani na bin su bashi. Don haka lissafa da asarar da ta faru a tarihinka, kada ka lissafa da wadda ka yi niyya.

Tambaya: Na gwada sabon tsarin 1:2 sau 20, na ci 8. Kashi 40 ke nan. In ƙara kuɗi?

Dakata tukuna. Shiga 20 ta yi kaɗan ƙwarai. Mai shiga ido rufe, wanda ainihin cinsa kashi 33 ne, in ya gwada sau 20, kusan sau ɗaya cikin uku zai ci 8 ko fiye da sa'a kawai. Ko a shiga 100, dabarar da gaskiyarta kashi 40 ce tana iya nuna maka wani abu tsakanin 30 da 50. Ci gaba da ƙaramin kuɗi, kana rubuta kowace shiga a littafi: inda ka shiga, inda ka ajiye layuka biyun, da inda ka fita da gaske. Idan shafin niyya yana cewa 1:2 amma shafin fita yana nuna matsakaicin riba jika 4 da asara jika 3 da rabi, to hannunka ne ke ɓata tsarin, iyakarka ta gaskiya kuma ta koma kusan kashi 47.

Akwai kuma abin da za ka shirya wa zuciyarka. Mai faɗuwa kashi 60, a cikin shiga 100 kusan tabbas ne zai faɗi sau biyar a jere, sau takwas a jere kuma kusan rabi da rabi ne, alhali dabarar tana nan lafiya. Mai ajiye albasar Galmi a rudu ya san wasu buhuna za su ruɓe, shi ya sa ba ya zuba duk jarinsa a kaya ɗaya. In kana saka kashi 1 na asusu a kowace shiga, jika 3 cikin 300, faɗuwa takwas za su bar ka da kusan jika 277, kana nan a kasuwa. In kashi 10 kake sakawa, za su bar ka da kusan jika 129, sai ka ninka abin da ya rage fiye da sau biyu kafin ka koma inda ka fara. Dabara ɗaya ce, matsakaicinta ɗaya, amma na biyun da wuya ya kai shiga ta ɗari da zai ga ribar. Ka tsaya a jika 3 ɗin har littafinka ya cika shiga 100, sannan ka sake fitar da lambobin nan biyu ka gani.