Dokar ilimin 'ya'ya mata ta shiga har cikin aji

Idan aka ce haƙƙin 'ya mace na yin karatu, abin da ya fi zuwa wa mutane a rai shi ne a kai ta makaranta a rubuta sunanta, shi ke nan an sauke nauyi. Amma yarjejeniyar kawar da wariya ga mata, wadda aka fi sani da CEDAW, ba a bakin ƙofa ta tsaya ba. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ita a 1979, ta fara aiki a 1981, kuma sashe na 10 nata kacokan a kan ilimi yake.

Wurare biyu a sashen sun shafi malami kai tsaye. Sakin layi na uku ya ce ƙasa ta kawar da tsohon tunanin nan da ke ware wa namiji aikinsa, mace nata, a kowane matakin karatu, kuma ya faɗi hanya: a sake duba littattafai da manhaja, a gyara hanyoyin koyarwa. Sakin layi na shida ya ce a rage yawan 'yan matan da ke barin makaranta, a kuma shirya wa waɗanda suka riga suka bari hanyar ci gaba. A ganina na uku ne ke riƙe da na shida, don sau da yawa yarinya takan daina magana a aji tun kafin ta daina zuwa.

Akwai kuma yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989. Sashe na 28 ya ɗora wa ƙasa ɗaukar matakan da za su sa yara su riƙa zuwa makaranta a kai a kai, ya kuma ce ladabtarwa ta dace da mutuncin yaro. Sashe na 12 ya ba duk yaron da ke iya samun ra'ayin kansa damar faɗinsa a kan abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa.

To me "gyara hanyoyin koyarwa" ke nufi idan malami ya shiga aji da alli a hannu? Yarjejeniyar ba ta zayyana ba, ta bar wa kowace ƙasa. Sai dai akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna inda gyaran yake. A ce aji ne mai ɗalibai 40, mata 20 maza 20, ana darasin lissafi. Malamin ya roƙi wata abokiyar aikinsa ta zauna a baya da takarda mai layi biyu, duk wanda aka kira ta yi masa alama. Da aka tashi sai aka ga tambaya 15 ya yi, maza sun amsa 11, mata 4, kuma uku daga cikin huɗun nan yarinya ɗaya ce, wadda ke zama a layin gaba. Ke nan mata 18 sun fita ba a ji muryarsu ba. Da an tambayi malamin kafin a nuna masa takardar, da ya rantse bai bambanta kowa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wanda ya riga ɗaga hannu yake kira, ba wani abu ba.

Ƙirgen kai kaɗai bai isa ba, sai an duba irin tambayar. Wa ake ce wa "nawa ne bakwai sau takwas", wa kuma ake ce wa "zo allo ka nuna mana yadda ka samo amsar"? Idan namiji ya yi kuskure aka ce ya sake gwadawa, mace kuwa ta yi kuskure aka ce "zauna, wa zai taimake ta?", to an koya wa ajin wani darasi da ba ya cikin manhaja. Haka rabon aiki: idan kullum mata ke share aji, maza ke shugabancin rukuni da riƙe kayan gwajin kimiyya, wannan shi ne ainihin tunanin da sakin layi na uku ya ce a kawar.

Gyaran farko ba ya cin ko sisi. Mary Budd Rowe, wata mai binciken koyar da kimiyya a Amurka, ta gano a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne bayan sun yi tambaya, kuma idan suka tsawaita jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, ɗalibai da yawa kan shiga. Daƙiƙa uku na shiru a gaban yara arba'in ya fi yadda ake zato nauyi, shi ya sa malami kan ƙosa ya kira mai hannu a sama. Sai ya daure ya ƙirga a zuci. Na biyu, kafin a nemi amsa a bainar aji, a bar kowa ya faɗa wa na kusa da shi na minti ɗaya. Yarinyar da ta riga ta furta amsarta ga ƙawarta, ta ji ba a yi mata dariya ba, ta fi saurin maimaita ta da ƙarfi. Bayan mako biyu a sake ƙirgen. Abin dubawa shi ne mata nawa daban-daban suka yi magana, ba jimillar amsoshin mata ba, don yarinya ɗaya mai kaifin baki na iya cike layin ita kaɗai.

Nan ne wasu ke zarce gona da iri. Malami ya ji an ce mata su yi magana, sai ya tsayar da mai kunya a gaban aji ya ce ba za ta zauna ba sai ta amsa. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, a bayaninsa na 2009 game da sashe na 12, ya ce faɗin ra'ayi zaɓi ne ga yaro, ba dole ba ne. Tsayar da ita har ta yi hawaye kuwa ya ci karo da maganar mutunci ta sashe na 28. Kalma irin ta "ke me za ki yi da lissafi, ba aure za ki yi ba?" ita ma a nan take faɗawa, ko da a raha aka faɗe ta.

Sashe na 12 ma ya wuce amsa tambayar darasi, don magana yake a kan abin da ya shafi yaron. Idan rajista ta nuna wata ɗaliba na rasa kwana biyu ko uku kowane wata, ko ta koma layin baya ta daina kawo aikin gida, ita za a fara tambaya, a keɓe, kuma zai fi kyau malama mace ta yi. Wataƙila jinin al'ada ne ga banɗaki babu ƙofa, wataƙila wani ne ke tsare ta a hanya, wataƙila wani malamin ne da kansa. Sauraro kuma sai an ga ya haifar da wani abu. Idan ta faɗa ba a yi komai ba, ko maganar ta zaga ɗakin malamai, ita da ƙawayenta sun gama magana.

Iyakar dokar kuwa a fili take. Ƙasar da ta rattaba hannu ta kuma tabbatar ita yarjejeniya ke ɗaurewa, ba malami ɗaya ba. A wasu ƙasashen sai majalisa ta mayar da ita dokar cikin gida kafin kotu ta yi aiki da ita, wasu kuma sun shiga ne da togaciya a kan wasu sassa. Yarjejeniyar ta ce ƙasa ta riƙa kai wa kwamitin CEDAW rahoto aƙalla sau ɗaya a shekara huɗu, kwamitin ya ba da shawarwari, amma ba ya hukunta kowa. Saboda haka uwar da ta ga an wulakanta 'yarta a aji, abin da zai yi mata aiki da wuri shi ne ƙa'idar aikin malamai da dokar ilimi ta ƙasarta. Ta rubuta ranar da abin ya faru da ainihin kalmomin da aka faɗa, ta kai wa shugaban makaranta a rubuce, ta riƙe kwafi.